Bayanan gwaji dubu 200 na zuba, amma matsalar kantin ta ƙi fitowa a laftof ɗina

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara. Na yi wa wani dila manhajar rubuta bashi, irin masu ba ƙananan 'yan kanti shinkafa da suga da mai su sayar su kawo kuɗi. PostgreSQL nike amfani da shi, tebur uku ne: `kwastoma`, `bashi`, `biya`. Sun yi shekara guda suna aiki da ita lafiya. Yanzu yaron kantin na kuka cewa in ya buɗe shafin wasu kwastomomi sai ya jira kamar daƙiƙa ashirin, mutum na tsaye gabansa da kuɗi a hannu. Na ɗauko Faker na cika rumbun bayanan gwaji da kwastoma 2,000 da layin bashi 200,000, kusan adadin da ke wajensu. Duk shafin da na buɗe a nan, kafin ƙiftawar ido ya fito. Ta yaya zan gyara abin da ba ni iya gani?

Na Wamakko:
Wa alaikumus salam. Dubu 200 ai ba komi ba ne ga PostgreSQL. Ƙara sifili guda, ka zuba miliyan biyu, ko ma biyar. Matsalar nauyi ba ta fitowa sai ka danne rumbun da kaya. Kuma ka duba indes, don PostgreSQL ba shi yi maka indes da kansa a gurbin da ke nuni ga wani tebur, irin `kwastoma_id`. Masu zuwa daga MySQL nan suke faɗawa.

Ɗan Mabera:
Indes akwai, Yaya, na sa shi tun farko a `kwastoma_id` da `bashi_id`. Zan iya gwada miliyan biyun in an kawo wuta.

Auta:
Yaya ni ban gane wahalar ba. Tunda kai ka yi musu manhajar, me ya hana ka kwafo rumbunsu gaba ɗaya da `pg_dump` ka zuba a laftof ɗinka? Ai shi ne na gaske, ba sai an ƙirƙiro na ƙarya ba.

Malam Injiniya:
Auta, riƙe wannan tambayar, za mu dawo kanta. Ɗan Mabera, kafin ka ƙara ko layi guda, nuna muna yadda ka zaɓi kwastoman kowane layin bashi a sikirif ɗinka.

Ɗan Mabera:
Ga shi Malam:

```python
kwastoma_id = random.randint(1, 2000)
```

Malam Injiniya:
To, ga matsalarka nan a layi guda. Wannan umarnin yana ba kowane kwastoma rabo daidai da na ɗan uwansa. Layi 200,000 a raba wa mutum 2,000, kowa ya tashi da kamar 100, wani 90 wani 110. Ka taɓa ganin littafin bashin da kowa ke da shafi daidai da na kowa? A kowane kanti akwai mutum biyar ko goma da ke ɗaukar kaya kullum, wani ma sau da yawa a wuni, sannan akwai ɗaruruwa da sunka zo sau ɗaya ko biyu ba a sake ganinsu ba. Jimillar layukanka ta yi daidai da ta kantin, amma rabonsu bai yi ba, kuma yaron kantin ai cewa ya yi shafin wasu kwastomomi, bai ce duka ba.

Ka roƙi mai kantin izini ka gudanar da wannan a sabarsu. Ba ya fito da suna ko lambar wayar kowa, ƙidaya kawai:

```sql
SELECT kwastoma_id, count(*)
FROM bashi
GROUP BY 1 ORDER BY 2 DESC LIMIT 10;
```

Ka kawo muna abin da ya fito.

Ɗan Mabera:
Na yi. Ikon Allah. Na farko yana da layi 9,000 da 'yan kai, na biyu kusan 3,500, na goma bai kai 1,000 ba. Na juya umarnin na duba ƙasa, akwai mutane da yawa masu layi ɗaya tak. A rumbun gwajina mafi yawa shi ne 130 da wani abu.

Malam Injiniya:
Madalla. Yanzu in yi hasashe, ka faɗa mani ko na yi daidai. Shafin kwastoma yana ɗauko duk bashinsa, sannan ga kowane layi yana komawa rumbun ya tambayi nawa anka biya a kansa?

Ɗan Mabera:
Haka ne. Cikin madauki nike kiran biyan kowane bashi.

Malam Injiniya:
To yi lissafi da kanka. A ce kowace tambaya na cin kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa. Mai layi 100, tambaya 100, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ke nan, ido ba ya gani. Mai layi 9,000, daƙiƙa 18. Ga daƙiƙa ashirin ɗin yaron kanti nan. Indes ɗinka lafiya lau yake, kowace tambaya na da sauri, yawansu ne ya kashe shafin.

Shi ya sa shawarar Na Wamakko za ta kai ka rabin hanya kawai. Da miliyan biyu a rabe daidai, kowa zai samu layi 1,000, shafi ya ɗauki daƙiƙa biyu. Za ka ce ya ɗan yi nauyi, ka ɗora laifin a kan laftof, ka wuce.

Na Wamakko:
Na yarda da lissafin Malam, amma ban janye ba gaba ɗaya. Akwai matsalolin da yawan kaya kaɗai ke fito da su. Rahoton ƙarshen wata da ke bin teburin duka, ko lokacin da ɗaukar kwafin ajiya ke ci, waɗannan ba ruwansu da wane ne ya fi layi. Kuma kantin ba tsaye yake ba, baɗi warhaka sun ninka.

Malam Injiniya:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. In an gyara rabon, sai a ninka yawan sau biyu ko uku don a ga inda za a kai nan da shekara biyu. Abin da nike gudu shi ne mutum ya ƙone batirinsa yana zuba miliyan biyar na bayanan da duk kamarsu ɗaya.

Ga yadda nike yi. Tunda PostgreSQL ne, ba sai ka bi ta Python ga wannan teburin ba, rumbun da kansa zai ƙirƙiro layukan, kuma ya fi saka su ɗaya-ɗaya sauri nesa ba kusa ba:

```sql
SELECT setseed(0.42);

INSERT INTO bashi (kwastoma_id, kudi, lokaci)
SELECT 1 + floor(2000 * power(random(), 2.5))::int,
       500 * (2 + floor(400 * power(random(), 2))::int),
       timestamptz '2024-01-01' + random() * interval '365 days'
FROM generate_series(1, 200000);

ANALYZE bashi;
```

Sirrin yana cikin `power(random(), 2.5)`. Shi `random()` yana ba da lamba tsakanin sifili da ɗaya. Lambar da ba ta kai ɗaya ba, in ka ninka ta da kanta ƙara ƙanƙancewa take yi: rabi sau rabi kwata ne. Don haka yawancin sakamakon sai ya taru kusa da sifili, ma'ana kwastomomi masu ƙananan lambobi su kwashi kaso mai tsoka. Da 2.5, kwastoma na 1 zai samu kusan kashi 4.8 cikin ɗari na layukan, wato wajen 9,500, kusa da abin da ka gani a kantin. In ka sa 2, zai samu wajen 4,500. In ka sa 3, wajen 15,900. Sai ka riƙa juya wannan lambar kana maimaita ƙidayar nan ta sama har goman farko na gwaji su yi kama da goman farko na kantin.

Gurbin kuɗin ma dabara ɗaya ce. Yana fitowa daga naira 1,000 zuwa wajen 200,000, ƙananan basussuka sun fi yawa, kuma duk a dunƙule da ɗari biyar-biyar kamar yadda ake ciniki, ba irin 73,418.27 da ba wanda ya taɓa rubutawa a littafin kanti ba.

Auta:
Malam, `setseed` ɗin nan da `ANALYZE` dole ne?

Malam Injiniya:
In ba ka sa `setseed` ba, duk lokacin da ka sake cika rumbun wasu layuka daban za ka samu. Yau ka ga kuskure a shafin kwastoma na 17, ka gyara, ka sake cikawa, kuskuren ya ɓace, ba ka san gyaranka ne ya yi aiki ko kuwa bayanan ne sunka canza ba. Da shi, abin da ka samu jiya shi za ka samu yau, kuma abokin aikinka ma haka. Sharaɗi biyu: a gudanar da shi cikin zama ɗaya da `INSERT` ɗin, kuma ku kasance a sigar PostgreSQL ɗaya, don an canza injin `random()` a siga ta 15. Saboda wannan dalilin ne na rubuta ranar farawa a tsaye maimakon `now()`. A Faker kuma `Faker.seed(42)` ne, amma shi bai shafi `random` na Python ba, sai ka kira `random.seed(42)` daban.

Shi kuwa `ANALYZE`, da shi rumbun ke ƙirga abin da ke cikin tebur don ya san ta hanyar da zai bi, ko ta indes ko ya karanta teburin duka. Yana yi da kansa bayan ɗan lokaci, amma in ka zuba layuka ka fara awo nan take, da tsohuwar ƙididdiga yake aiki, sai awonka ya yi maka ƙarya.

Ɗan Mabera:
Na share na sake cikawa. Shafin kwastoma na 1 ya ɗauki daƙiƙa 11 a laftof ɗina. Wallahi ban taɓa murnar ganin manhajata ta yi nauyi ba sai yau, don yanzu ina da abin da zan auna gyara da shi. Allah shi saka da alheri Malam.

Amma na lura da wani abu. Na duba ƙasan jerin, mafi ƙaranci yana da layi ashirin da wani abu. Babu mai layi ɗaya irin na kantin.

Malam Injiniya:
Ka lura da kyau, nan dabarar ta tsaya. Tana kumbura sama amma ba ta iya rage ƙasa sosai: na ƙarshe a jerin zai samu kamar 100 a raba da 2.5, wato wajen 40. Maganin mai sauƙi ne. Ka mai da 2000 ɗin nan 1500, sai mutum 500 su rage babu komi. Ka ba 300 daga cikinsu layi ɗai-ɗai da wani ƙaramin `INSERT`, ka bar 200 fayau. Waɗannan 200 ɗin suna da amfani ƙwarai, don `sum()` a kan layukan da babu su ba sifili yake bayarwa ba, `NULL` yake bayarwa. Manhajoji da yawa a shafin sabon kwastoma suke faɗuwa, wanda anka yi wa rajista bai ci bashi ba tukuna. Da ka rage zuwa 1,500 rabon na farko zai ɗan ƙaru, sai ka sake daidaita 2.5 ɗin.

'Yar Arkilla:
Sannunku da aiki. Na karanta daga sama, kuma akwai abin da ban ga an taɓo ba. Ɗan Mabera, sunayen kwastomominka 2,000 na gwaji, waɗanne iri ne?

Ɗan Mabera:
Na Faker ne Anti, `fake.name()`. Sunayen Turawa.

'Yar Arkilla:
Na yi zato. In ba ka gaya masa wani wuri ba, sunayen Amurka yake bayarwa, kuma waɗannan ba za su taɓa gwada maka abin da sunayenmu ke yi wa manhaja ba. Aikina gwajin manhajoji ne, kuma abu uku nake fara nema.

Na farko haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya yi rajista ya rubuta Ɗanladi da allon wayar da ke da Hausa, wanda ke nema a kwamfuta ya buga Danladi, manhaja ta ce babu shi. Sai yaron kanti ya buɗe masa sabon shafi, bashin mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Haka kuma ƙaramar firintar rasit, da yawa ba su san waɗannan haruffan ba, sai ka ga alamar tambaya a madadinsu.

Na biyu alamar nan da ke cikin Sa'adu da A'isha da Mu'azu. Duk wurin da aka haɗa umarnin SQL da hannu ta hanyar manna rubutu, suna ɗaya irin wannan ya isa ya karya shi. In ya karye a gwaji an gode Allah, don ƙofar da ɓarawon bayanai zai bi ke nan. Kuma alamar kanta iri biyu ce, waya kan sa mai lanƙwasa, kwamfuta ta sa miƙaƙƙiya, rumbun kuwa yana ganinsu haruffa daban.

Na uku shi ya fi damuna: maimaituwar suna. Faker zai ba ka mutum 2,000 kusan kowa da sunansa daban. A Sakkwato fa? Bello nawa, Abubakar nawa, Shehu da Usman da Aliyu nawa za ka samu a littafi ɗaya? Da sunan gari ake rarrabewa, wannan na Gwadabawa, wancan na Wurno, wancan na Bodinga, wani lokacin ma garin ɗaya ne sai an haɗa da sana'a. In akwatin neman kwastoma suna kaɗai yake nunawa, za a rubuta wa wani bashin wani, kuma wannan ya fi shafi mai nauyi muni, don rigima ce da mutane. Ni shawarata ka rubuta sunaye talatin da hannunka, da sunayen garuruwa kamar ashirin daga ƙananan hukumomi 23 na jihar, ka bar su su yi ta karo da juna.

Na Wamakko:
Wannan magana ta Anti haka take. Sai ka yi ƙaramin tebur na sunaye, ga kowane layi ka jawo ɗaya da `(SELECT suna FROM sunaye ORDER BY random() LIMIT 1)`. Shi ke nan.

Ɗan Mabera:
Yaya na gwada naka yanzu, duk mutum 2,000 sun fito da suna ɗaya. Kowa Mu'azu.

Malam Injiniya:
Wannan tarko ne sananne. Tambayar da ke cikin baka ba ta dogara da layin waje ba, don haka PostgreSQL sau ɗaya yake gudanar da ita ya raba wa kowa amsar. Ka sa sunayen cikin jeri ka zaɓa da lamba:

```sql
INSERT INTO kwastoma (suna)
SELECT s[1 + floor(cardinality(s) * power(random(), 2))::int]
       || ' ' || g[1 + floor(cardinality(g) * random())::int]
FROM generate_series(1, 2000),
     (SELECT ARRAY['Bello','Abubakar','A''isha','Ɗanladi','Mu''azu'] s,
             ARRAY['Wurno','Gwadabawa','Illela','Yabo'] g) x;
```

Na taƙaita jerin, kai ka cika shi. Ka ga na sake sa `power` don sunayen farko su fi yawa, kamar yadda Malama ta ce. Wajen neman suna kuma, `translate(suna, 'ɓɗƙƴƁƊƘƳ', 'bdkyBDKY')` a ɓangarorin biyu zai sa Danladi ya samo Ɗanladi.

'Yar Arkilla:
Ka kuma saka kaɗan da hannu waɗanda injin ba zai kawo ba: mai suna ɗaya tilo, mai dogon suna da laƙabi har ya cika layin rasit, wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe duka, da wanda aka bar fili a ƙarshen sunansa. Goma sun isa. Ka ba su lambobin da ka sani don kullum ka riƙa leƙa su.

Ɗan Mabera:
An gama. Saura teburin `biya`. A da ina zaɓar `bashi_id` da ka, kuɗi da ka, rana da ka. Yanzu da na duba da idon basira akwai wanda ya biya dubu 90 a kan bashin dubu 5, akwai wanda ya biya wata uku kafin ya ci bashin.

Malam Injiniya:
Shi ya sa ba a ƙirƙiro biya daga iska, daga bashin ake fitar da shi. Rumbun zai karɓi waɗancan layukan don lambar bashin tana nan, amma jimillar da manhajarka za ta nuna shirme ce, kuma in shirme ya zama abin da ka saba gani, ranar da lissafinka ya yi kuskure na gaske ba za ka gane ba.

```sql
INSERT INTO biya (bashi_id, kudi, lokaci)
SELECT id,
       CASE WHEN r < 0.7 THEN kudi ELSE kudi / 2 END,
       lokaci + (1 + random() * 29) * interval '1 day'
FROM (SELECT *, random() AS r FROM bashi) b
WHERE r < 0.9;
```

Da wannan, bakwai cikin goma sun biya duka, biyu sun biya rabi, ɗaya bai biya ba, kuma kowane biya ya zo tsakanin kwana ɗaya da talatin bayan bashin. Kason nawa ne na misali, kai ka tambayi mai kantin yadda abin yake wajensa. Amfanin shi ne ka san amsa tun kafin ka buɗe manhaja: abin da ake bin mutane ya kamata ya faɗo kusa da kashi 20 cikin ɗari na jimillar bashi, goma daga waɗanda ba su biya ba, goma daga masu rabi. In allon ya nuna 35, kuskure na cikin kod ɗinka.

Na Wamakko:
Amma Malam ai a zahiri akan samu wanda ya biya fiye da bashinsa, ya ce a riƙe masa canjin zuwa wani ɗauka. Kuma akwai mai biya sau huɗu a kan bashi ɗaya. Naka ya yi tsabta da yawa.

Malam Injiniya:
Ka yi gaskiya. Masu biya kashi-kashi sai a ƙara zagaye na biyu a kan masu rabin nan. Mai rarar kuɗi kuwa a sa shi da gangan, mutum biyar da anka san lambobinsu, don a ga yadda manhaja ke nuna shi. Bambancin da na Ɗan Mabera na farko shi ne wancan bai san su wane ne ba, bai san nawa ne ba.

Auta:
Har yanzu ina jiran amsar tambayata. Duk wannan aikin don a kwaikwayi abin da ke zaune a sabar kantin. Kwafi ɗaya ya ba ka rabon, ya ba ka sunayen, ya ba ka masu rarar kuɗin.

Baban Yara:
Auta ɗana, bari in ba ka labarin abin da ya faru inda na yi aiki. Manhajar kuɗin makaranta ce, tana tura wa iyaye saƙon tunatarwa. Wani abokin aikinmu ya kwafo rumbun gaske don gwaji, ya danna maɓallin tunatarwa yana son ganin ko shafin na aiki. Saƙo ya tafi wayoyin iyaye na gaske, har da waɗanda sunka biya tun farkon zango. Washegari ofishin makarantar ya cika da mutane riƙe da rasit. Wannan saƙon kuɗin makaranta ne. Ka ƙaddara na bashi ne, ya shiga wayar ɗan kasuwa yana zaune cikin abokan cinikinsa.

'Yar Arkilla:
Ko ba saƙo ma. Littafin bashi sirrin mutane ne, wane ake bi nawa, wane ya kasa biya. Amanar mai kantin ce, shi ma amanar kwastomominsa ce. Laftof kuwa ana sace shi, ana kai shi gyara, ƙane yana ara. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ta shafi duk mai riƙe da bayanan mutane, ba bankuna kaɗai ba.

Auta:
To a kwafo a canza sunayen da lambobin waya mana.

Malam Injiniya:
Ana yin haka, kuma manyan kamfanoni na yi, ban ce haramun ne ba. Sai dai canza suna bai cika ɓoye mutum ba. Kwastoman da ke da layi 9,000, duk wanda ya san kantin ya san ko wane ne ko da ka kira shi Mu'azu Yabo. Sannan akwai gurbin ƙarin bayani inda yaron kanti ke rubuta abin da ya ga dama, irin "ƙanen wane ne, a kira shi a wannan lambar". Shi ake mantawa. In dole sai an yi, a yi wankin a kan sabar kafin kwafin ya fito, kuma da sanin mai kantin. Ni dai na fi son in ɗauko ƙidaya in bar layukan inda suke.

Na Wamakko:
Nan kam ina tare da Auta rabi. Akwai dattin da ke cikin bayanan gaske wanda ba mai iya hasashensa sai ya gani. Ko Anti da ta lissafo uku, na huɗu na nan yana jira.

'Yar Arkilla:
Yana nan kam. In ya fito a kantin sai a ƙara irinsa cikin sikirif ɗin gwaji, ya zauna nan har abada. Nawa haka ya yi ta girma.

Ɗan Mabera:
Labarin Baba ya tsorata ni, don manhajata ma tana tura saƙo, kuma lambobin gwajina 0803 ne da lambobi bakwai na ka. Ashe wasu layukan mutane ne na gaske.

Baban Yara:
Ƙwarai kuwa. Ka cire mabuɗin kamfanin saƙon daga saitin gwaji yau ɗin nan, saƙon ya riƙa sauka cikin fayil. Kuma sikirif ɗin da ke share tebur ya fara duba `current_database()`, in sunan bai ƙare da `_gwaji` ba ya ƙi tashi. `TRUNCATE` ba shi tambayar ko ka tabbata.

Malam Injiniya:
Lambobin ka suna da wata illar kuma. In gurbin waya ba ya karɓar maimaici, lambobi bakwai na ka ga mutum 2,000 suna da kusan kashi 18 cikin ɗari na yin karo, sai cikawar ta faɗi yau ta wuce gobe. Ga mutum 20,000 kuwa karon tabbas ne. Ka gina lambar daga lambar layin, `'0000' || lpad(id::text, 7, '0')`, ba ta maimaituwa kuma ba ta kowa ba ce. Imel kuma ka ƙare shi da `@example.com`, an keɓe shi don irin wannan.

Ɗan Mabera:
Na gwada 0000 ɗin, ya shiga rumbun, amma da na buɗe kwastoma don in gyara sunansa fom ɗin ya ƙi ajiyewa, wai lambar waya ba daidai ba ce. Ina tantance cewa ta fara da 070, 080, 081, 090 ko 091.

Na Wamakko:
To ka bar 0803 ɗin ka gina sauran daga `id`. Tunda ka kashe saƙo, mi ya rage?

Baban Yara:
Saiti ɗaya ne tsakaninka da wayoyin mutane ke nan. Ni ban yarda ba. Gara fom ɗin ya karɓi 0000 in ana gwaji.

'Yar Arkilla:
Baba, in fom ɗin gwaji ya bambanta da na kantin, to ba fom ɗin kantin muke gwadawa ba. Ni da zan bar 0000 ga dubu biyun, in ware kwastoma uku masu lambobin wayoyinmu na aiki don gwada fom da saƙo.

Ɗan Mabera:
Zan fara da na Anti in gani, ko da yake duk wanda na buɗe cikin sauran zai ci gaba da ƙin ajiyewa. Na haɗe tambayoyin biyan zuwa guda ɗaya na kuma sa shafin ya riƙa nuna layi 50-50, na kwastoma na 1 ya sauko ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Gobe in sha Allahu zan kai kantin a gwada a kan mai layi 9,000 ɗin.